Gaisuwar da Ta Riga Labari Isa

Asabar, 5 ga Oktoba, 11:15 na safe

Edwin ya rasu. Ƙanin Miriyamu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baban Nafisat ne ya kira ni daga kasuwar Michika, inda ya je sayen wake. Ya ce da sassafe aka same shi a gona. Ya fara wata magana, layin ya yanke, na kira sau biyu bai shiga ba.

Ban tsaya ba. Shekara goma sha ɗaya ina sakatariyar makarantarmu, duk wata takardar ta'aziyya daga hannuna take fita, kuma ba yabon kai ba, na iya. Balle Miri, wadda teburinta na duba takardun ɗalibai yake cikin ofishina, kwanonmu ɗaya da rana. Na ce ba za ta ji gaisuwar kowa kafin tawa ba.

Ga abin da na tura mata, ƙarfe 10:42:

"Miri, yanzu na ji rasuwar Edwin. Ba zan manta ba, shi ya goya min Nafisat a duwatsun Kwaja shekarar gudu. Allah ya ba ku haƙuri, ya ta'azantar da ke da Mama. Kada ki damu da amsa. Azuzuwanki na Litinin zan yi wa shugaba magana."

Na ambaci sunansa. Ban tambayi me ya same shi ba. Ban sa "Allah ya gafarta masa" irin tamu ba, kada ta ji kamar na kwafo daga wani wuri, na sa kalmar da nake ji a bakinsu. Ba hoton kyandir, ba fure. Ta karanta 10:51, alamar ta koma shuɗiya. Ba ta amsa ba, kuma daidai ne, ni na ce kada ta amsa.

Asabar, 5:40 na yamma

Baban Nafisat ya dawo. Tun bai cire takalmi ba ya ce, "Ina fata dai ba ki gaya wa kowa ba. Abin da nake ce miki ke nan layin ya yanke. Ba a faɗa wa yayarsa ba. Kawunsu Baba Zira ya kira ta ya ce jikin Edwin ne ba daɗi, ta taho. Sai ta iso gida a zaunar da ita."

Na ce, "Ƙarfe nawa ta tashi daga Mubi?"

Ya ce, "Wajen goma, in ji su. Lafiya?"

Na miƙa masa wayar. Ya karanta, ya ajiye a kan buhun wake, ya ce, "Rukayyat."

Ƙarfe goma ta tashi. 10:51 tana cikin mota.

Lahadi, 6 ga Oktoba, 7:30 na safe

Na san dokar nan. Ni ce fa! Da mahaifina ya rasu a Belel, haka aka yi min. Aka ce zazzaɓi ne, ki zo. Sai da na shiga gida, Goggo ta ba ni ruwa na sha, ta riƙe hannuna biyu, sannan aka faɗa. Ba a ba mutum irin wannan labari yana kan hanya, ba a ba shi yana shi kaɗai. Kafin ka yi gaisuwa, kana tambaya, "An sanar da ita?" Kalma huɗu. Yaro ma ya sani.

Na danna saƙon na riƙe, wayar ta nuna min har yanzu zan iya goge shi daga wajenta. To me zai rage? Wurin zai nuna an goge wani abu, ita kuma ta riga ta gani. Na bar shi.

Litinin, 7 ga Oktoba, 12:10 na rana

Malam Bakari, shugaban makaranta, ya leƙo ya ce, "Hajiya, a rubuta mana 'yar gajeriya a zauren malamai na waya, sannan a buga ta takarda da za mu kai ranar Alhamis. Ke ce gwanarmu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an tabbatar iyali sun sanar?"

Ya yi dariya kaɗan. "Tun shekaranjiya. Yau kuma kike tambaya?"

Na rubuta. Layi uku. Kafin minti goma malamai sun cika wurin da "Allah ya jiƙansa", wasu da hoton kurciya, wani ma ya turo wanda sunan wani mamaci daban yake ciki, bai ko duba ba. Da can sai na yi tsaki na ce mutane ba su da kunya. Yau kam nasu bai cuci kowa ba.

Kujerarta tana nan yadda ta bar ta ranar Juma'a, a ɗan juye. Ban gyara ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, 2:00 na rana

10:51.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 8:20 na safe

Motar makaranta ta tafi Michika jana'iza. Na ce kaina ke ciwo. Na ba Tina, malamar Turanci, ambulan ɗin takardar. Ta dube ni ta ce da irin Hausarta, "Ke, Adda Rukayyat? Ke ba za ki je ba? Miri zai nemi ki fa."

Na ce ta gaishe ta.

Ofis shiru. Sai injin buga takarda da ni. Na buga jadawalin jarrabawa sau biyu saboda na sa darasin halittu, wato nata, a rana ɗaya har wuri uku.

Juma'a, 11 ga Oktoba, 10:30 na safe

Tina ta shigo ta rufe ƙofa. Ta ce an yi jana'iza lafiya, coci ya cika, matan zumunta sun yi waƙa har rana ta karkata. Sai ta rage murya.

"Amma Miri bai yi kuka ba. Ko ɗigo. Sun ce tun ranar da ya iso, Baba Zira ya zaunar da shi ya faɗa, ya ce to kawai. Ya tashi ya ɗora ruwa a wuta. Mutane suna magana, wai kamar ya riga ya sani."

Tina haka take Hausarta, mace da namiji duk "ya" ne. Da nakan tsokane ta. Yau har sai da na so a ce wani namiji take nufi, wanda ban sani ba.

Na ce, "Ta tambaye ni?"

Ta ce, "Bai tambayi kowa ba."

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Ina ta lissafin hanyar. In sun tashi daga tasha ƙarfe goma, da tsayawar shingayen bincike, 10:51 suna wajen Mararaba. Daga nan sai Uba, sai Bazza, sai Michika. Awa ɗaya ko fiye, da irin ramukan hanyar. Tana matse a cikin mutane shida da ba ta sani ba, da wayar a hannu.

Ko ta yi ihu? Ko ta ce a sauke ta? Ba wanda ya faɗi haka. Da an yi, da direbobi sun kawo labari, Mubi ba ta riƙe magana.

Baban Nafisat ya ce in daina, ai ba ni na kashe shi ba. Na ce na sani. Na tambaye shi abin da ya gani a ƙofar gidansu ran nan, da abin da ake cewa ya sami Edwin a gonar. Ya ce ba zancen da za a yi a gaban yara ba ne. Yaran suna Islamiyya a lokacin.

Talata, 15 ga Oktoba, 1:15 na rana

Na fara rubuta mata wani. Ga waɗanda na yi yau a bayan tsohon jadawali:

"Miri, wallahi ban san ba a gaya miki ba. Layin ne ya yanke." Na soke. Wannan wanke kaina nake, na ɗora wa layi.

"Miri, na kasa barci, na kasa cin abinci." Na soke. Ita ƙaninta ya mutu, ni kuma ina kai mata kukan cikina, ta rarrashe ni.

"Ya haƙuri?" Na soke. Wannan a baki ake yi, a durƙushe, mutum ya amsa maka. A waya tambaya ce, kuma ba ni da hurumin tambayarta komai.

Ni da nake koya wa mutane cewa gaisuwar mutuwa ba ta son tsawo: ka faɗi abin da ka ji, ka kira sunan mamaci, ka yi addu'a, ka ce ga abin da zan ɗauke maka, ka yi shiru. To ina ake sa "na cuce ki" a cikin wannan tsari?

Alhamis, 17 ga Oktoba, 9:05 na safe

Wayar ta nuna tana kan layi. Na zuba ido. A saman allon ya nuna tana rubutu. Ya tsaya. Ya sake nunawa. Ya tsaya.

Ba abin da ya shigo.

Asabar, 19 ga Oktoba, 10:51 na safe

Ina wanki na ji gabana ya faɗi, na duba agogo. Sati biyu cif. Ban saita komai ba, jikina ne ya sani.

Nafisat ta tambaye ni wane ne Edwin, ta ji muna ambatonsa. Shekararta uku a lokacin gudu, ba ta tuna komai. Na gaya mata ranar da 'yan bindiga suka shigo, gari ya watse, muka bi ƙafa ta Kwaja, ni da cikin wata bakwai, ga ta tana kuka, babanta yana Yola ba hanya. Wani siririn saurayi da ke bayan Miri ya cire rigarsa, ya ɗaura ta a baya kamar mace. Har muka kai kan dutse bai sauke ta ba.

Ta ce, "To me ya sa ba ki je gaisuwa ba?"

Na ce ta je ta kwashe shanya.

Litinin, 21 ga Oktoba, 11:40 na safe

Hutun da aka ba ta ya ƙare yau. Ba ta zo ba. Malam Bakari ya ce ta dawo Mubi tun Juma'a tare da mahaifiyarta, amma ta aiko Tina da takarda tana neman a mayar da teburinta ɗakin malamai na sama.

Ni na karɓi takardar. Ni na buga mata hatimi. Rubutunta ne, mai kwanciya ɗin nan. Ba ta sa dalili ba.

Masinja ya zo ɗaukar teburin na daka masa tsawa kamar ya yi sata, na ce sai shugaba ya sa hannu. Bawan Allah, ya fita yana ba ni haƙuri. Shugaban ya riga ya sa hannu, ina gani.

Shekara goma sha ɗaya. Ita ce ta raka ni asibiti haihuwar Mubashshir. Ni nake kai mata naman layya, ita take kawo min cincin ɗin Kirsimeti a bokitin fenti. In ta koma sama shi ke nan, sai gaisuwar baranda, ina kwana, lafiya lau. Ina tsoron wannan ƙwarai. Ina tsoron rasa ta.

Laraba, 23 ga Oktoba, 3:30 na yamma

Na je wajen Goggo a Shuware, na kwashe komai na gaya mata. Ba ta sassauta min ba.

Ta ce, "Ke dai tun kina yarinya sai kin riga kowa. Gaisuwar mutuwa tsere ce? Wa ya ce za a ba ki lambar yabo?"

Na ce don ina son ta ne.

Ta ce, "Kina son ta, kina kuma son a ce ke kika fara. Duka biyun. To yanzu kwana goma sha takwas kin zauna kina gyaran kalma, ita kuma tana gani ba ki zo ba. Laifin farko kuskure ne. Na biyun nan da saninki kike yi kullum."

Na ce ban san me zan rubuta ba.

Ta ce, "Ki faɗi laifinki a layi ɗaya, kada ki sa 'amma' a bayansa. Ki yi mata gaisuwa. Ki nemi izinin zuwa. In ta ce a'a, ki haƙura, hakkinta ne."

Goggo ba ta taɓa riƙe biro ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 4:10 na yamma

Na jira aka tashi daga makaranta. Na fara kiran Tina na tambaye ta ko Miri tana gida, ko da mutane kusa da ita. Ta ce tana gida. Sannan na tura:

"Miri, ni na ba ki labarin Edwin a hanya, ban tambaya ba ko an sanar da ke. Laifina ne. Ki yi haƙuri da wannan, ki yi haƙuri da rashinsa. In kin yarda, zan zo in gaishe ku."

Ta karanta nan take. Na kife wayar na shiga kicin.

Juma'a, 25 ga Oktoba, 2:00 na rana

Shiru.

Asabar, 26 ga Oktoba, 8:45 na safe

"Ki zo gobe bayan coci. Mama tana nan. Kada ki ce komai a gabanta."

Na karanta ya fi sau ashirin. Ban gane na ƙarshen ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 5:50 na yamma

Na dawo daga gidan Miri a Lokuwa. Zan rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Na kai sukari da gero da sabulu. Ita ta buɗe ƙofa. Ta rame, wuyanta ya fito. Ta ce, "Adda, sannu da zuwa," kamar wadda ta zo karɓar kuɗin wuta. Mama tana barci a ciki. Muka zauna a bayan gida kan benci, wajen da take shanya kuɓewa.

Na durƙusa na ce, "Miri, ya haƙuri?"

Ta ce, "Da godiya. Tashi ki zauna, zan gaya miki abu, ban gaya wa kowa ba."

Na zauna.

Ta ce, "Ba ni kaɗai ba ce a motar. Mama ta zo Mubi ran Juma'a da yamma, ganin likita saboda hawan jininta. Ba ki sani ba, ba wanda ya sani a makaranta. Da Baba Zira ya kira, tare muka tashi. Ta dama kunun gyaɗa ta zuba a fulas, ta ce Edwin in ba shi da lafiya shi kaɗai yake iya sha. Tana gefena, fulas ɗin a cinyarta."

Na ce, "Wayyo Allah."

Ta ce, "Bari in gama. Mun wuce Mararaba kaɗan waya ta yi ƙara. Na karanta. Mama ba ta iya karatu, ta leƙo ta ce waye. Na ce Adda Rukayyat ce, tana gaishe ki. Ta ce Allah ya yi mata albarka. Adda, abu ya taso min daga nan," ta dafa ƙirji, "na san in na bar shi ya fito, a motar nan za ta faɗi, gawa biyu za mu kai. Na haɗiye. A Uba ta ce in sayi ayaba mu kai masa. Na saya, har da neman ragi na yi don kada ta gane. A Bazza ta ce tana jin tsoro, mu yi waƙa. Muka yi waƙar coci, ni nake ba da amshi. Awa ɗaya da kwata."

Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan.

"Tun ranar bai dawo ba. Kukan. Ina nemansa, babu. Matan gidanmu suna cewa zuciyata dutse ce. In na gan ki sai in ga motar, shi ya sa na ce a ɗauke teburin. Saƙonki ba shi da laifi, Adda, ya yi kyau. Har yau ban goge ba. Da ya jira awa biyu, da shi zan riƙa karantawa."

Ni mai kalmomi. Na riƙe gefen benci kawai.

Sai muka ji takun Mama. Ta fito tana dafa bango, ƙaramar tsohuwa da baƙin ɗankwali. Na sauka ƙasa na gaishe ta, na ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya ta'azantar. Ta kama hannuna ta ƙi saki.

Ta ce da irin Hausar Tina, "Kai ne Rukayyat? Kai ne ka gaishe ni a mota ran nan. Na gode, 'yata. Ka san abin da nake gode wa Allah kullum? Yarinyan nan bai sani ba a hanya. Ni ma ban sani ba. Awa na ƙarshe da nake da ɗa, muna waƙa ne, ni da Miri, zuciyanmu fari. Allah ya rufe mana ido har gida. Ba alheri ba ne wannan?"

Tana kallona tana jiran amsa. Miri tana tsaye a bayanta, ita ma tana kallona.

Ni da ko a wasa ba na son a ce na yi ƙarya, na ce, "Alheri ne, Mama. Babban alheri."

Ta gyaɗa kai, ta saki hannuna, ta koma ciki a hankali.

Miri ta rako ni har bakin titi. Mai Keke ya tsaya. Ta riƙe ƙarfen ƙofar ta ce, "Sati uku ni kaɗai nake ɗauke da shi. Yanzu mu biyu ne. Har Mama ta mutu, Adda."

Na ce, "Har ta mutu."

Ta ce, "Ki gaya wa masinja ya bar teburin."

Muryarta ta karye a kan "teburin". Ta juya da sauri ta nufi gida, ta tsaya a bakin ƙofa ta goge fuska da gefen zani sosai kafin ta shiga wajen Mama.